Shaidar da Muke Bayarwa a Kan Bakanike



Sharhinmu na yau daga nan Keffi yake, kuma zancen masu mota ne da masu gyaranta. Duk wanda yake zama a majalisa a Liman Abaji bayan la'asar, ko a Tudun Kofa, ko Gangaren Tudu, ya san tambayar nan da ba ta ƙarewa: "Wai wa yake maka aikin mota ne?" Amsar kuma ba ta cika wuce iri biyu ba. Ko dai a ce, "Je wurin wane, yana da hannu," ko a ce, "Kul ka kusanci wane, macuci ne." Da waɗannan 'yan kalmomi ake cika wa wani gareji da motoci, da su kuma ake rufe wa wani ƙofar abinci. Ni a ganina wannan shaida ce, kuma mun fiye saurin bayar da ita. Mukan yabi mutum ranar da muka karɓi mota, tun ba ta yi tafiyar da za ta gwada aikin ba. Mukan kuma zage shi a kan laifin da wani lokaci na mai shagon kaya ne, ko ma namu.

Garin nan rayuwarsa a kan titi take. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa a Keffi suke kwana, a Abuja suke yini, tafiyar kilomita 50 da 'yan kai. Ga direbobin haya masu jigilar ɗaliban jami'a, ga masu bin hanyar Akwanga zuwa Lafiya. Motar da ta kwana uku a gareji, cefanen kwana uku ta cinye. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi a bayansa, kayan gyara da kusan dukkansu daga waje ake shigo da su suka yi tashin gwauron zabo. Gyaran da ake yi a da ba tare da an tsaya lissafi ba, yanzu sai an yi shawara da iyali. Don haka idan ɗan'uwanka ya tambaye ka wurin wa zai kai motarsa, abin da ka gaya masa kuɗi ne tsagwaronsu.

Domin kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki aiki ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe. Na zaɓi aikin da ya fi haddasa rigima tsakanin mai mota da bakanike, wato motar da take zafi har aka ce gasket ya ƙone.

A ce wani bawan Allah yana da Korola, yana dawowa daga Abuja, allurar zafi ta hau tun daga Masaka. Ya tsaya ya ƙara ruwa, ya lallaɓo gida. Da safe ya kai ta gareji. Bakanike ya buɗe bonet, ya leƙa, ya ce, "Alhaji, gasket ne, sai an sauke kan inji." A nan wurin ake fara auna mutum, tun kafin a zo maganar kuɗi. Da me ya gane gasket ne? Gasket da ya ƙone yana da alamomi da mai mota ma zai iya gani da idonsa. Idan aka buɗe murfin lagireto inji yana sanyi, aka tayar da mota, za a ga kumfa tana ta tasowa ba ta tsayawa. Salansa takan fitar da farin hayaƙi mai kauri ko bayan inji ya ɗumama. Ruwa yana raguwa alhali babu inda yake ɗiga a ƙasa. Wani lokaci kuma idan aka zaro sandar duba baƙin mai, sai a ga man ya koma kalar shayi da madara. Bakaniken da ya san aikinsa zai kira ka ya ce, "Zo ka gani," ya nuna maka ɗaya ko biyu daga cikinsu. Wanda ya yanke hukuncin sauke inji da leƙe kawai, ba tare da ya nuna komai ba, wannan abin faɗa ne idan an zo bayar da shaida.

Akwai tambaya ta biyu da ta fi wannan nauyi, kuma ita ce ake yawan tsallakewa. Me ya sa motar ta yi zafi tun farko? Sau da yawa gasket ba shi ne ya fara ba, zafin ne ya ƙona shi. Asalin ciwon yana iya zama fanka da ta daina juyawa, ko lagireto da ya toshe saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa shekara da shekaru, ko famfon ruwa da ya ci, ko tamostat da ya maƙale, ko ma murfin lagireto da ya daina riƙe iska. Idan aka sa sabon gasket aka bar wannan, sabon ma ƙonewa zai yi, wata ɗaya ko biyu. Daga nan sai mai mota ya ce an sa masa jabun kaya, bakanike ya ce tuƙin Alhaji ne, alhali gaskiyar tana can cikin fankar da babu wanda ya duba.

To, mu zo kan kuɗi. Bakanike ya ce, "A kawo dubu 115." Kuɗin dunƙule irin wannan shi ne uwar rigima. Mai gaskiya ba ya jin nauyin warware shi. Bari in sa alƙaluma na misali kawai domin lissafin ya fito: kuɗin hannu dubu 40, gasket dubu 25, gyaran fuskar kan inji a wurin masu injin goga dubu 20, baƙin mai da filta dubu 30. Da zarar an warware haka, mai mota ya san abin da zai iya tambaya a kasuwa da abin da yake ciniki tsakaninsa da mai aiki. Zai kuma iya tambaya, wane irin gasket ne? Domin a shago ɗaya za a ajiye maka iri biyu ko uku, kowanne da farashinsa, kuma kwalayen sun yi kama da juna.

A nan ina so in tsaya wa makanikai kaɗan, domin akwai abin da muke yi musu. Mutum zai shigo da mota ta miliyoyi, a ce masa kuɗin hannu dubu 40, ya ce, "Haba Oga, kwance ƙusa ne fa," ya tsaya kai da fata sai dubu 15. Aikin kwana biyu ne na mutum uku, maigida da yaransa. Wanda aka matse a kuɗin hannu, a kuɗin kaya yake fanshewa, ya sayi na dubu 15 ya ce na dubu 25 ne. Ban ce ya yi daidai ba, cin amana ne ko ta ina aka duba. Amma wanda yake son a gaya masa gaskiyar kuɗin kaya, sai ya yarda ya biya gumi da daraja. Kuma idan bakanike ya faɗa tun farko cewa yana ɗora wani abu a kan kaya saboda kuɗin mota zuwa Apo da ɓata lokacinsa, wannan ciniki ne a fili, babu ha'inci a ciki.

Sai kuma ƙarin da yake biyo baya. An sauke kan inji, sai aka tarar fanka ta mutu, ana buƙatar ƙarin dubu 35. Mutane da yawa da sun ji ƙari sai su ce an fara. Ba haka abin yake ba. Akwai abin da ba a gani sai an shiga aikin, kuma bakaniken da ya gano fankar nan taimakonka ya yi. Abin dubawa shi ne yaushe ya gaya maka. Wanda ya ɗaga waya ya ce, "Alhaji, mun buɗe, ga abin da muka tarar, ka zo ka gani ko in turo maka hoto, in ka amince mu ci gaba," wannan ya riƙe amana ko da kuɗin ya ninka. Wanda kuwa ya yi shiru har ranar karɓar mota, sannan ya miƙo sabon lissafi yana riƙe da makulli, ya ci amana ko da ƙarin dubu 5 ne. Haka nan tsohon kayan da aka cire. Naka ne, kuma mai gaskiya a but yake ajiye maka shi tun ba ka tambaya ba. Idan an ce an canza famfon ruwa amma tsohon ya ɓace, akwai magana.

Maganar lokaci ba ta da tsawo, amma a nan ake yawan zaluntar juna. Aikin gasket, idan kaya suna hannu, kwana biyu ne zuwa uku na aiki. Yini guda na kwancewa da wankewa, a kai kan inji wurin goga, sannan yini guda na ɗaurawa da gwaji. Abin da yake ja shi sananne ne: babu wuta a wurin masu goga, ko kayan babu a Keffi sai an aika Abuja, ko kuma mai motar ne bai kawo kuɗin kaya ba sai bayan kwana huɗu. Duk wanda zai ce motarsa ta yi mako biyu a gareji, ya fara ƙirga daga ranar da ya cika kuɗin kaya, ba daga ranar da ya ajiye makulli ba. Laifin da yake na bakanike zalla shi ne "gobe in Allah ya yarda" da ake maimaitawa alhali ya san goben ba za ta yiwu ba, ko ya karɓi kafin alƙalami ya kwance mota don kada ta tafi wani wuri, sannan ya koma kan aikin wani. Ana gane wannan cikin sauƙi. Ka biya ta garejin ba tare da sanarwa ba, ka ga ko an taɓa motar tun jiya, ko ƙura ce ta rufe sassan da aka zube a ƙasa.

Sai dai sauri ma abin tuhuma ne a irin wannan aiki. Idan ka kai mota da safe aka ce ka zo da la'asar an gama gasket, to ka tambaya ko an auna kan injin. Zafi yana lanƙwasa shi, musamman na alminiyam, lanƙwasar da ido ba ya gani. A injinan Toyota da yawa abin da kamfani ya yarda da shi bai wuce milimita 0.05 ba. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar, a zura siririn ma'auni a ƙarƙashi, in ya wuce ƙa'ida a kai goga. Wajen ɗaurawa kuma ƙusoshin kan inji suna da tsari, daga tsakiya ake farawa a fita gefe, mataki mataki, da sifana mai ma'aunin ƙarfi. Wanda ya sa bututu a kan sifana ya danna da ƙarfin damtse, wata ƙusar ta fi wata matsewa, kuma ta nan gasket yake sake buɗewa. Ba sai ka iya aikin ba kafin ka tambaya, "Oga, da wace sifana aka ɗaure?" Yadda zai amsa ma ya ishe ka.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Akan ce wai tamostat na ƙasar sanyi ne. Allura za ta zauna ƙasa, mai mota ya yi murna ya tafi yana yabo. Amma injin da ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai ya fi shan fetur, ya fi saurin ci, kuma asalin abin da ya kawo zafin yana nan an lulluɓe shi. Idan an yi maka haka, ya kamata a ce da saninka aka yi, kuma idan kana ba wani labarin aikin ka faɗa masa.

Yanzu an miƙo makulli. Roƙona ga masu sauraro shi ne a riƙe yabo da zagi tukuna, a bar hanya ta yi magana. Mu a nan Allah ya ba mu wurin gwaji a ƙofar gida. Cunkoson Mararaba da Nyanya da safe, inda mota take tsaye inji yana aiki, shi yake gwada fanka. Hawan Kugbo da mutane cike da mota shi yake gwada lagireto da famfon ruwa da gasket ɗin kansa. Miƙaƙƙen titin Akwanga kuma yana nuna yadda take a doguwar tafiya. Idan allura tana hawa a cunkoso amma tana sauka da an samu hanya, a fara duba fanka. Idan a gudu ko a hawa take tashi, matsalar ta fi kusa da zagayawar ruwa. Kowace safiya kafin a tayar da mota, a duba ruwa a duba baƙin mai, har mako biyu. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ruwan yana tsalle ya ƙona fuska. Raguwa kaɗan a rana ta farko ko ta biyu tana iya zama iska ce take fita daga bututu. Raguwar da ta ci gaba har mako, komawa gareji ce.

Komawar nan ita ce ainihin inda ake sanin mutum, kuma ita ta kawo mu kan garanti. "In ta yi wani abu ka dawo da ita" magana ce mai daɗi, amma ba ta da iyaka, shi ya sa kowa yake fassara ta yadda ta yi masa. Garanti iri biyu ne, kuma haɗa su ne yake kawo faɗa. Akwai na aikin hannu, wanda yake wuyan bakanike. Akwai na kaya, wanda yake wuyan mai shago. Idan kai ka je ka sayo gasket da kanka don neman sauƙi, bakanike ya ce maka wannan ba shi da kyau, ka ce a sa haka, to ranar da ya ƙone kuɗin sake aikin naka ne. Idan shi ya sayo, shi zai koma ya yi rigima da mai shago, bai kamata ya turo ka ba. Kayan Beljiyam kuma, irin su fanka ko kan inji na hannu, masu sayarwa sukan ba da 'yan kwanaki na gwaji, su yi musu alama da fenti don kada a musanya. Kwanakin nan daga ranar saye suke fara tafiya. Idan kayan ya yi mako a gareji ba a ɗaura ba, garantin ya ƙare tun mota ba ta tashi ba, kuma wannan asarar jinkirin bakanike ne ya jawo ta. Saboda haka kafin a bar gareji a yanke magana: kwana nawa, me ya shiga ciki, wa zai biya gasket na biyu da mai idan aka sake buɗewa. A rubuta a bayan rasit, ko a tura saƙon waya ya amsa. Minti biyu ne.

Mai mota ma yana da nasa sharaɗin. Idan allura ta hau, ka tsaya ka kira bakanike, kada ka ce bari in ƙarasa gida. Kada kuma ka kai wa wani ya taɓa sannan ka dawo kana neman garanti, domin da hannu na biyu ya shiga, babu mai iya cewa ga wanda ya ɓata.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya kawo hukuncin mazhabar Malikiyya cewa mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa ya keɓe da su. Dokar ƙasa ma ta zo da irin wannan. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a gama masa a kan lokaci, a sanar da shi idan jinkiri ya zama dole, a kuma mayar masa da kayansa ba tare da sun fi yadda ya kawo su lalacewa ba. Idan aikin bai yi ba, a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Amma kafin a kai can, akwai matakin da ya fi kusa. Makanikai suna da ƙungiyarsu, NATA, kuma garejoji da yawa suna da shugaba da dattawan sana'a da ake kai wa ƙara. Su sun san aikin, za su iya duba inji su ce wannan sakaci ne ko kuwa ƙaddara ce, kuma abokin sana'a yana jin kunyarsu fiye da yadda yake jin ihun mai mota. Wanda ya je musu da rasit da tsohon kaya da saƙonnin waya, maganarsa ta fi ta wanda ya je da fushi kawai.

To idan an bi duk wannan, yaya shaidar za ta kasance ranar da maƙwabci ya tambaya? Sai ka ce masa, "Na kai masa Korola tana zafi. Ya nuna mini kumfa a lagireto kafin ya kwance. Ya ce dubu 115, ya warware mini, da ya tarar da fanka ta mutu ya kira ni kafin ya saya, muka tashi a dubu 150. Ya ce kwana uku, ya yi biyar, biyun saboda babu wuta a wurin goga, kuma shi ya kira ya faɗa mini. Bayan mako ɗaya bututu ya fara ɗiga, na mayar, ya ɗaure bai karɓi ko sisi ba. Yau wata biyu ina hawa Kugbo da ita." Mai jin wannan ya san abin da zai tarar. Ya kuma san cewa a kan aikin inji ka ba da shaida, domin gwanin inji ba lalle ne ya zama gwanin giya ko na wayoyin wuta ba, kowanne da mutanensa. Idan kuma abin bai yi daɗi ba, haka za ka jero shi, abin da aka yi alkawari da abin da ya faru, da abin da ya ce lokacin da ka koma, har da inda kai ka jinkirta kuɗi ko ka zaɓi kaya mai araha. Kalmar ɓarawo a ajiye ta sai ga wanda aka kama da hujja, kamar wanda ya karɓi kuɗin sabon kaya aka buɗe aka tarar da tsohon a ciki.

Makanikan da suke sauraronmu a gareji yanzu, rediyo a kan bonet, ku ma ga abin da zai sauƙaƙa muku: ƙaramin littafi guda, kowace mota da shafinta, ranar shigowa, abin da aka tarar, kuɗin kaya, kuɗin hannu, ranar da aka yi alkawari, da kwanakin garanti. Yaron shago ma zai iya rubutawa. Ranar da wani ya dawo bayan wata shida yana cewa jiya jiya aka yi masa aiki, shafin ne zai amsa masa.

A nan za mu dakata. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.